Ɗaukar ƙaramin ɗan kwangila: tambayoyin da masu aiki su kaɗai suka fi yi, da amsoshinsu

Mai fassara, mai zanen talla, mai gina shafin intanet, mai tace bidiyo, duk wanda yake aiki shi kaɗai akwai ranar da kwangilar da ta fi ƙarfinsa za ta zo masa. Ko dai ya ce ba zai iya ba, ko ya nemo hannu na biyu. Tambayoyin nan na wanda ya zaɓi na biyun ne a karon farko. Misalin da za a bi daga farko har ƙarshe na wata mai fassara ne, domin aikin fassara yana da sauƙin ƙidaya, amma lissafin bai canza ba a sauran sana'o'in.

1. Wane ne ƙaramin ɗan kwangila, kuma me ya raba shi da ma'aikaci?

Kai ne ka karɓi kwangila daga kwastoma, sai ka yanki wani sashe ka ba wani mai sana'a ya yi maka a kan jinga. Shi ne ƙaramin ɗan kwangila. Tsakaninka da kwastoma akwai yarjejeniya, tsakaninka da shi akwai wata daban, amma tsakaninsa da kwastoma babu komai. Idan aikinsa ya lalace, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Idan kwastoma ya hana kuɗi, shi ma ƙofarka zai ƙwanƙwasa. Kana tsakiya, ana jan ka daga gefe biyu.

Ma'aikaci kuwa lokacinsa ka saya: kai kake faɗa masa ƙarfe nawa zai fara, da wane kayan aiki, kuma albashi kake biya ko akwai aiki ko babu. Ƙaramin ɗan kwangila sakamako kake saya a wurinsa. Yana da nasa kwastomomin, da tasa kwamfutar, kuma shi yake tsara yininsa. Wannan bambanci ba na baki ba ne kawai, hukumomin haraji da na ƙwadago suna duba shi, duba tambaya ta 14.

Akwai hanya ta uku da mutane suke mantawa da ita: ka haɗa kwastoman da wani kai tsaye, ka karɓi la'ada ko godiya, ka cire hannunka. Idan ba ka da lokacin duba aikin wani, wannan ta fi maka.

2. Yaya zan san lokacin ɗaukar wani ya yi?

Idan abin da ya hana ka karɓar aikin yawa ne, ba rashin iyawa ba. Wanda ya san aikin ciki da bai, lokaci ne kawai ya yi masa kaɗan, zai iya gane gurɓataccen aiki idan an kawo masa. Wanda ya karɓi abin da bai sani ba, ya ce ai zai ba ƙwararre, ya zama ɗan aike: yana miƙa wa kwastoma abin da ba zai iya rantsewa a kansa ba. Ana yin hakan, amma ba da shi ake farawa ba.

Sharaɗi na biyu kuɗi ne. Kana da abin da za ka biya mutumin nan daga aljihunka ko da kwastoma ya yi jinkirin wata biyu? Idan amsar a'a ce, karanta tambaya ta 8 kafin ka yi wa kowa alkawari.

3. Dole ne in gaya wa kwastoma cewa ba ni kaɗai zan yi ba?

Fara da karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Da yawa suna ɗauke da sakin layin da ya hana miƙa aikin ga wani sai da izini a rubuce, kuma ko babu shi, yarjejeniyar rufe sirri tana hana ka nuna takardun kwastoma ga wanda ba a ambata ba. Idan aikin ya ƙunshi bayanan mutane, kamar sunaye, lambobin waya ko bayanan lafiya, kuma kwastoman yana ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki a 2018, sashe na 28 ya ce mai sarrafa bayanai a madadin wani ba zai shigo da wani mai sarrafawa ba sai da izinin mai bayanan a rubuce tun kafin a fara. Dandalin neman aiki ma suna da nasu ƙa'idojin. Upwork, misali, ya hana ka ba wani asusunka ya yi aiki da sunanka, kuma yana da asusu na daban don masu aiki a ƙungiyance.

Ko da doka ba ta tilasta ba, ni shawarata ka faɗa. Abin ba ya ɓoyuwa: sunan wani zai bayyana a bayanan fayil, ko salon rubutu ya sauya a shafi na arba'in. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Abu uku kwastoma yake son ji: akwai wanda zai taya ka, ya sa hannu a kan rufe sirri, kuma babu layin da zai isa gare shi ba tare da ya bi ta idonka ba. Mafi yawan masu ba da babban aiki ba mamaki suke yi ba, domin su ma sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Kashi nawa na aikin zan bayar?

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa, don haka bari mu zauna a kan lissafin. A ɗauka an ba mai fassarar nan littafin bayanin wata na'ura, kalmomi 60,000, a kawo cikin kwanakin aiki 20. Ita tana fassara kalmomi 2,000 a yini, a cikin awa shida na aiki na gaske, wato kusan kalmomi 333 a awa. Ita kaɗai sai ta yi kwana 30. Lissafin da zai fara zuwa mata shi ne: a kwana 20 zan yi 40,000, saura 20,000 in ba wani, shike nan. Wannan lissafi ya manta cewa abin da wani ya fassara sai ta karanta shi layi-layi tana gwada shi da asalin rubutun.

Ga lissafin gaskiya. Kwana 20 awa 120 ne. Cire awa 8 na shirya umarni da amsa tambayoyi, cire awa 12 na karatun ƙarshe inda za ta daidaita littafin ya zama murya ɗaya. Saura awa 100. A ce tana bitar kalmomi 1,000 a awa. Kenan duk kalmomi 1,000 da ta bayar sun rage mata awa uku na fassara, sun ɗora mata awa ɗaya ta bita: awa biyu kawai ta samu. Aikin duka awa 180 ne, tana da 100, tana neman rarar awa 80. Sai ta bayar da kalmomi 40,000, ninki biyu na abin da ta zata. Kuma mutum ɗaya mai sauri irin nata zai cinye kwana 20 ɗin cif kafin ya gama 40,000, babu ranar bita ta ƙarshe. Wato da mutum ɗaya aikin ba zai yiwu a wannan wa'adi ba.

Hanya biyu suka rage mata. Ko ta ɗauki mutum biyu, kowa 20,000, ta koma mai bita fiye da mai fassara, tana fama da salo uku a littafi ɗaya. Ko ta koma wurin kwastoma tun kafin sa hannu ta nemi kwana 25. Da kwana 25 tana da awa 130 bayan cire awa 20 ɗin nan na umarni da karatun ƙarshe: ta fassara 35,000 da kanta a awa 105, ta bayar da 25,000 ta duba su a awa 25. Mutum ɗaya zai gama 25,000 cikin kwana 13. Ta zaɓi ta biyun, kuma a karon farko ita ce ta hankali. Mai rubuta manhaja ko mai tace bidiyo ya canza kalmomi da shafuka ko mintoci, tambayar ɗaya ce: awa nawa bitar aikin wani take ci, idan aka gwada da yin sa da kanka?

5. Wane sashe ya kamata in riƙe a hannuna?

Riƙe abu uku: magana da kwastoma, sashen da yake kafa salon sauran aikin, da karatun ƙarshe. Mai fassarar nan ita ta fassara babi na farko da na gargaɗin haɗari, domin a nan ake yanke yadda za a kira kowane ɓangare na na'urar, kuma kuskure a gargaɗi yana iya raunata mutum. Ta bayar da babobin gyare-gyare da jadawalin kayan gyara, masu maimaita kansu, waɗanda iyakarsu a fili take.

Abin da ya fi dacewa a bayar shi ne wanda za ka iya bayyana shi a shafi ɗaya, kuma za ka iya cewa ya yi ko bai yi ba cikin mintoci. Idan bayanin wani sashe ya fi yin sa tsawo, yi shi da kanka. Kada kuma ka bayar da abin da duk sauran aikin yake jira, domin jinkirinsa na kwana ɗaya zai tsayar da kai ma.

6. A ina zan samu mutumin, kuma yaya zan gwada shi?

Wanda ka taɓa ganin aikinsa da idonka ya fi wanda aka yaba maka, wanda aka yaba maka ya fi baƙo daga dandali. Lokacin nema kuma ba ranar da kwangila ta zo ba ne. Nemi mutum biyu ko uku tun kana da sarari, ka gwada su da ƙananan ayyukan da ko sun lalace za ka iya sake yi a dare ɗaya.

Gwajin ya zama na biya, kuma daga irin aikin da za a yi. Samfurin da mutum ya nuna maka bai isa ba, ba ka san kwana nawa ya ɗauka ko wa ya gyara masa ba. Mai fassarar nan ta ba mutum uku kalmomi 500 iri ɗaya, da jerin kalmomin da ta amince da su, da wa'adin kwana biyu. Da gangan ta zaɓi sashen da yake da jimla ɗaya mai harshen damo, da wani adadi da bai dace da hoton da ke kusa da shi ba. Ɗaya ya kawo da wuri, rubutu mai daɗi, amma ya yi watsi da jerin kalmomin a wurare shida. Ɗaya ya kawo a kan lokaci, ya yi hasashe a kan jimlar ya wuce bai ce komai ba. Na ukun rubutunta bai kai na farkon santsi ba, amma ta bi jerin, ta aiko da tambaya biyu, a kan jimlar da a kan adadin. Ita aka ɗauka.

Dalili shi ne, santsin rubutu mai bita zai iya ƙara shi. Abin da ba zai iya ba shi ne gano wurin da aka yi hasashe aka rufe da kyakkyawar jimla. Mai tambaya yana rage maka awannin bita, mai shiru yana ƙara su.

7. Nawa zan biya shi, kuma nawa ne nawa rabon?

Kada ka fara da tambayar kashi nawa ake bayarwa. Fara da awanninka. A misalinmu a ce mai fassarar ta ba abokiyar aikinta kashi 60 cikin 100 na abin da kwastoma yake biya a kan kowace kalma, ta riƙe 40. Kashi 40 na kalmomi 25,000 daidai yake da kuɗin kalmomi 10,000, abin da ita za ta samu a awa 30 na fassara. To awa nawa ta kashe a kan wannan sashe? Bita awa 25, umarni da tambayoyi awa 8, jimla 33. Wato ta yi aikin awa 33 an biya ta na 30. Babu riba, har da ɗan ragi. Abin da ta samu shi ne kwangilar da ba za ta iya karɓa ba ita kaɗai, da kwastoman da zai dawo.

Ribar tana zuwa a aiki na biyu da na uku da mutum ɗaya. Idan bita ta koma kalmomi 1,500 a awa saboda an saba, umarni kuma ya ragu zuwa awa 4, sai ya zama awa 21 ana biyan na 30. Idan kuwa aikin ya zo da rauni bita ta sauka zuwa 500 a awa, awa 58 kenan a kan kuɗin awa 30. Shi ya sa neman mafi arha yake ƙarewa da tsada: abin da ka rage masa a jinga, da awanninka za ka biya.

Idan kashin da ya rage maka bai biya bita ba, gyaran yana wurin kwastoma, ba a aljihun mai taya ka ba. Babban aiki mai gajeren wa'adi ya cancanci farashi sama da na kullum. A fassara ma akwai hujjar da za ka iya kawowa: ƙa'idar ISO 17100 ta 2015 ta sharɗanta cewa mutum na biyu, ba wanda ya fassara ba, ya bi fassarar yana gwada ta da asali. Ido na biyu abu ne da ake saya.

8. Kwastoma bai biya ni ba tukuna. In jira sai ya biya sannan in biya shi?

Akwai masu rubuta haka a yarjejeniya: sai an biya ni zan biya ka. Ni ban ga adalci a ciki ba. Mutumin bai zaɓi kwastoman ba, bai san shi ba, ba shi da hanyar bin sa bashi. Kai ka zaɓa, kai kake riƙe da kaso saboda ɗaukar wannan kasada. Ƙwararrun da suke da zaɓi ba sa yarda da wannan sharaɗi, waɗanda suka yarda kuma aikinka ne zai koma ƙarshen layi ranar da mai biya nan take ya kira su.

Maganin shi ne ka tsara shigar kuɗi ta riga fitarsu. Nemi kafin alƙalami daga kwastoma, wanda aƙalla zai rufe jingar ƙaramin ɗan kwangilar. A misalinmu jingarta kashi 60 ne na 25,000, daidai da kuɗin kalmomi 15,000, wato rubu'in kwangilar duka. Kafin alƙalami na kashi 30 ya rufe ta da rara. Sannan a biya ta kashi-kashi: duk sashen da aka karɓa, a biya cikin kwanakin da aka rubuta, bakwai ko goma sha huɗu. Kada ka biya duka a gaba, kada kuma ka riƙe duka sai ƙarshe.

9. Me ya kamata ya shiga yarjejeniyarmu?

Shafi biyu sun isa, in dai an rubuta. Abin da za a kawo da irin fayil ɗin da za a kawo shi, ranakun miƙa kowane sashe, jinga da ranar biya, da gyara sau nawa ne yake cikin jingar. A rubuta abin da ake nufi da an karɓa, da kwana nawa kake da su kafin ka ce ka karɓa ko ka mayar. A rubuta cewa shi ma ba zai miƙa aikin ga wani ba sai da izininka, domin hakan yana faruwa fiye da yadda kake zato. A faɗi ko an yarda ya saka takardun kwastoma a injin fassara ko wata manhaja ta intanet. A faɗi yadda za a rabu idan ba a daidaita ba: a biya abin da aka karɓa, a dawo da fayiloli.

Sai ka ɗauko yarjejeniyarka da kwastoma ka ajiye kusa da wannan. Duk alkawarin da ka ɗauka a can wanda ya shafi sashensa, dole shi ma ya ɗauka maka a nan. Mafi hatsari shi ne haƙƙin mallaka. A ƙasashe da yawa wanda ya ƙirƙiri rubutu, zane ko manhaja shi ne mai shi, biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da mallaka, sai an rubuta an sa hannu. Idan ka yi wa kwastoma alkawarin cikakkiyar mallaka amma ba ka karɓe ta a rubuce daga wanda ya yi zanen ba, ka sayar da abin da ba naka ba. Idan kwangilar babba ce, lauya ya duba takardar sau ɗaya, daga nan ka ci gaba da amfani da ita.

10. Yaya zan bayyana masa aikin ba tare da na rubuta littafi ba?

Misali ya fi bayani. Mai fassarar nan ta aika da abu huɗu: babi na farko da ta gama, jerin kalmomi kusan 150 da fassarar da aka tsayar, shafi ɗaya na ƙa'idoji, da takardar tambayoyi da su biyun suke rubutu a ciki. A shafin ƙa'idojin akwai wa zai karanta littafin, makanike ne ba injiniya ba, yadda za a rubuta adadi da ma'auni, abin da ba a taɓawa kamar lambobin kayan gyara, da abin da za a yi idan asalin rubutun ne yake da kuskure: a yi alama, kada a gyara a ɓoye.

Takardar tambayoyin nan ta fi saƙonnin waya amfani nesa ba kusa ba. Amsar da ka bayar a saƙo tana nutsewa, wadda ka rubuta a takarda tana nan har aiki na gaba. Ware lokaci ɗaya a yini ka amsa. Idan kana jinkirin amsa, kai da kanka kake koya masa hasashe.

11. Yaya zan kula da inganci ba tare da na sake yin aikin duka ba?

Kada ka jira ƙarshe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sashe na farko ya zama ƙarami kuma ya zo da wuri: a misalinmu kalmomi 2,000 a rana ta biyu. Wannan a duba shi kalma-kalma a ranar, a mayar da amsa kafin ta yi nisa, domin kuskuren da ba a kama a nan ba zai maimaitu sau ɗari. Daga nan sashe-sashe na 5,000 duk bayan kwana biyu ko uku, ta yadda bita take tafiya kafaɗa da kafaɗa da fassara.

Raba kurakurai gida uku. Akwai wanda yake sauya ma'ana ko ya ɓata aiki, kamar adadin da aka juya ko jimlar da aka tsallake. Akwai saɓa umarni, kamar barin kalmar da aka tsayar. Akwai kuma bambancin ɗanɗano, inda jimlarsa daidai ce, kai dai da ba haka za ka faɗa ba. Na farko da na biyu ka mayar masa. Na ukun, yawanci ka bar shi. Ni kaina na taɓa ɓata kwana biyu ina sauya jimlolin da ba su da laifi, don kawai ba muryata ba ce, kwastoma bai lura ba, wanda na yi wa gyaran kuma ya rasa gane abin da nake so.

Wa'adin da ka ba shi ya riga naka da kwanaki. Mai fassarar nan ta sa sashen ƙarshe ya zo rana ta 17 cikin 25. Kwana takwas ɗin da suka rage ba hutu ba ne: a cikinsu take kammala nata sashen, take yin karatun ƙarshe, kuma su ne abin dogaronta idan abin da ke tambaya ta 13 ya faru.

12. Aikin ya zo da kurakurai. In gyara da kaina ko in mayar?

Idan lokaci ya bari, mayar. Gyara a ɓoye yana da sauri yau, amma gobe kuskuren zai dawo, tunda mai shi bai san ya yi ba. Kada ka ce masa aikin bai yi ba. Nuna masa wurare uku ko huɗu, ka faɗi ƙa'idar da aka saɓa, ka ce ya bi sauran ya gyara irinsu. Kafin ka ɗora laifi, duba umarninka: idan ba ka rubuta ba, laifinka ne, kuma gyaran da ya wuce abin da aka yi jinga a kai sai ka biya.

Sashe na biyu shi ne alƙali. Idan abin da ka nuna a na farko ya gyaru, ko da sabbin kurakurai sun fito, mutumin yana ji. Idan kuskuren da ka yi bayani ya dawo yadda yake, auna saurin bitarka. A lissafin tambaya ta 4 mai fassarar tana yin 333 a awa da kanta. Da zarar bita ta kusanci wannan adadi, ba taimako take samu ba, biyan wani take yi don ya ba ta aiki. A nan sai a biya abin da aka karɓa, a rabu lafiya.

13. Idan ya yi shiru, ko ya ɓace a tsakiyar aiki fa?

Ɓacewa ba ta zuwa kwatsam. Tambayoyi ne suke fara ɗaukewa, sai amsar saƙo ta koma bayan yini guda, sai sashe ya makara da uzuri, sai ka ji an kusa gamawa ba tare da ka ga fayil ba. Idan ka ji an kusa gamawa, ka ce a turo abin da aka yi yanzu, ko rabi ne. Shi ya sa ya fi kyau aikin ya zauna a ma'ajiyar da ku biyu kuke gani, ba a kwamfutarsa kaɗai ba.

Tun farko ku yarda da iyaka: sashe ya makara da awa 48 ba labari, za ka karɓe ragowar. Wanda ya zo na biyu a gwajin tambaya ta 6, ka bar ƙofa a buɗe tsakaninku saboda irin wannan rana. Idan kuma wa'adin kwastoma zai taɓu, gaya masa ranar da ka gane, tare da sabuwar rana da abin da za ka iya miƙawa yanzu. Kada ka ambaci wanda ya ɓace a matsayin uzuri. Kwastoma da kai ya yi magana.

14. Zai iya ƙwace mini kwastoma? Kuma akwai abin da ya shafi haraji?

Zai iya, shi ya sa ake saka sharaɗin cewa ba zai nemi wannan kwastoman kai tsaye ba na wani lokaci, shekara ɗaya misali. A taƙaita shi ga kwastoman da ya sani ta hanyarka. Sharaɗin da ya hana mutum yin sana'arsa gaba ɗaya kotuna a wurare da yawa ba sa tabbatar da shi. Idan aikin ya buƙaci ya yi magana da kwastoma, ya kasance kana cikin zaman ko cikin saƙon. Amma takarda ba ita take riƙe kwastoma ba. Idan abin da kake ƙarawa tura fayil ne kawai, za su gane, kuma ba su yi laifi ba.

A kan haraji, kuɗin da ka biya shi yawanci kashe-kashen sana'a ne da ake cirewa kafin a lissafa ribarka, don haka ka karɓi takardar neman biya daga gare shi a kan kowane sashe, ka ajiye shaidar tura kuɗi. Wasu ƙasashe suna buƙatar ka kai rahoton abin da ka biya, wasu suna buƙatar ka cire wani kaso ka miƙa wa hukuma, sai ka tambayi akanta a inda kake. Abin lura na biyu shi ne matsayinsa. Hukumomi ba sunan da kuka rubuta a takarda suke dubawa ba, yadda kuke aiki suke dubawa: wa yake yanke lokaci da hanyar aiki, kayan wa ake amfani da su, yana da wasu kwastomomi ko kai kaɗai ne. Idan watanni suka wuce yana yi maka aiki kullum, a lokutan da ka sa masa, ba shi da kowa sai kai, ana iya ɗaukarsa ma'aikacinka, da duk haƙƙoƙin da ke tattare da haka, har da na baya da ba ka biya ba.